Idan mai saye ya maido kaya: yadda ake rubutawa magaza da littafi su tafi daidai

"Ni ke riƙe wa kawuna lissafin magazarsa ta sari a babbar kasuwar Maradi. Duk sa'ad da aka maido kaya sai abu ya cuɗe mini. Wani lokaci kawu ya zaro kuɗi daga kes ya mayar wa mutum, wani lokaci ya ce in rage masa a bashi. Ƙarshen wata katan ɗin da ke magaza ba su yi daidai da na kwamfuta ba, mai bashi kuma ya zo da nasa lissafi dabam. Ta ina zan kama?"

Ƙanena, ka kama ta wurin takarda, tun kafin a taɓa kes. Maido kaya aiki uku ne da ake yi a wuri uku. Kaya suna shiga magaza a hannun mai kula da ita, bashin mai saye yana raguwa a littafinka, kuɗi kuma suna fita daga kes idan har za su fita. A yawancin magazun da na duba wa lissafi, kowane ɗaya daga cikin ukun nan mutum dabam ke yin sa, a lokaci dabam, kuma babu wanda ke faɗa wa ɗan'uwansa. Yaron magaza ya karɓi katan da safe ya jera, maigida ya yi alkawarin ragi ta waya bayan la'asar, kai kuma sai ranar da rigima ta tashi kake ji. Abin da zai ɗaure ukun wuri guda shi ne takardu biyu masu lamba: takardar karɓar kayan da aka maido, wadda mai kula da magaza ke cikewa, da faktir ɗin abuwar, wato takardar da ke rage kuɗin tsohuwar faktir a asusun mai saye, wadda kai kake fitarwa bisa abin da ya rubuta. Lambar tsohuwar faktir ta ciniki dole ta hau kan kowace daga cikinsu.

Tsohuwar faktir kuwa ba a taɓa ta. Ba a soke layi da bik, ba a shiga kwamfuta a mayar da 40 ya koma 30. Mai saye yana riƙe da kwafinsa, kuma idan gidanku yana fitar da faktir ta tsarin SECeF na ma'aikatar haraji, to wadda ta fita ta riga ta fita, gyaranta sai da abuwar mai ɗauke da lambarta. Ko da ba ku cikin tsarin, dalilin ɗaya ne: ranar da kuka zauna warware lissafi da mutum, kana son takardarka da tasa su faɗi magana guda.

Lissafi ɗaya daga farko har ƙarshe

Bari mu ɗauki mai butiki daga Dakoro da ya sari katan 40 na sabulu. Farashinku a ranar sefa 10.000 ne katan, amma da yake tsohon abokin ciniki ne kawu ya yi masa ragin kashi 5 cikin ɗari, katan ya tsaya masa 9.500. Kuɗin kaya ke nan 380.000. Harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari ya kama 72.200, faktir ta tashi 452.200. Ya biya 300.000 hannu da hannu, saura 152.200 a kansa. Ku kuma kowane katan ya zauna muku a kan 8.000 har da dako.

Bayan sati uku sai ga katan 10 sun dawo a motar tasha, da saƙon cewa kaya sun yi masa yawa, wasu kuma a jiƙe ya same su.

Aikin farko na mai kula da magaza ne, kuma a bakin ƙofa ake yin sa, gaban wanda ya kawo kayan. Kada ya ƙirga katan daga waje ya ce goma. Ya ɗaga kowane ya ji nauyinsa, ya dubi salatif ɗin da ke baki ko na kamfani ne ko an sake liƙawa, ya juya gindin katan, don nan ruwa ke fara ci. Wanda aka sake liƙawa a buɗe shi a ƙirga sandunan ciki. Ya kuma dubi lambar da kamfani ya buga a jiki ko ta yi daidai da rukunin da kuka sayar, domin akan maido wa mutum kayan da aka saro a wani wuri, ba lallai da mugun nufi ba, mai butiki yana sari gida uku ne kaya suka haɗu masa. A ce an duba an sami bakwai lafiya lau, uku gindinsu ya jiƙe sabulun ya manne da takarda. Haka zai rubuta: bakwai masu kyau, uku jiƙaƙƙu, ranar kaza, daga faktir lamba kaza. Shi ya sa hannu, wanda ya kawo ya sa hannu ko ya dangwala. Kwafi ɗaya ya bi mota, ɗaya ya zo wurinka, ɗaya ya zauna a jikin littafin.

Wannan takarda shaidar karɓa ce kawai, ba ta ce kun yarda da mayar da kuɗi ba. Yarda ta kawu ce. Shi zai ce an karɓi goman duka, ko an karɓi bakwai, ukun da suka jiƙe laifin tafiya ne a hannun mai saye. Kafin ya yanke, kayan su tsaya a gefe, kada su hau kan jerin na sayarwa. Na fi son a ware lungu guda a magaza, a ja masa layi da fenti a ƙasa, kowa ya san abin da ke bayan layin ba a lodinsa. A ce kawu ya duba ya ga rufin magazarku ne ya yi yoyo da damina, ya karɓi goman.

Yanzu aiki ya zo gare ka, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Abuwar ana yin ta a kan farashin da ke cikin tsohuwar faktir, da raginsa da harajinsa. Katan 10 sau 9.500 sun ba da 95.000, TVA 18.050, jimla 113.050. Ka cire wannan daga 152.200, bashin mutumin Dakoro ya koma 39.150. Ko sisi bai fita daga kes ba, kuma bai kamata ya fita ba, tunda ku ke bin sa.

Dubi abin da zai faru idan ka bar kwamfuta ta ɗauko farashi da kanta. A cikin sati ukun nan naira ta motsa, kayan da ke shigowa ta Ɗan Isa sun tashi, sabulu ya koma 10.500. Ka buɗe sabuwar abuwar ka zaɓi sabulu, ita kuma ta sa farashin yau ba ragi. Jimla ta fito 124.950. Kun yafe wa mutum 11.900 da bai taɓa biya ba kuma bai roƙa ba. Ranar da farashi ya faɗi kuwa shi za a zalunta, ya zo yana rantsuwa kuma yana da gaskiya. Shi ya sa a manhajar da ke da hanyar fitar da abuwar daga cikin tsohuwar faktir, ta nan za ka bi kullum, ka rage adadi kawai. Ko a fiƙihu, warware ciniki da yardar juna, wato iƙala, a kan kuɗin farko ake yin sa. Idan aka ƙara ko aka rage ya zama sabon ciniki. Idan kawu ya ja da kai a kan wannan, ka tuna masa da haka, ya san shi.

Farashin da kaya ke komawa magaza da shi

Mai saye an mayar masa a kan farashin sayarwa, amma magaza ba ta san farashin sayarwa ba. Da 8.000 katan ya fita, da 8.000 zai dawo. Bakwai masu kyau su shiga katin kaya da darajar 56.000. Uku jiƙaƙƙu su ma a shigar da su, 24.000, amma a layi dabam ko rumbu dabam a manhaja, wanda ba a sayarwa daga cikinsa. Idan ka haɗa su da masu kyau, kwamfuta za ta ce kuna da katan ukun da babu mai saye a farashinsu, wata rana a yi wa wani alkawari da su. Idan kuma ba ka shigar da su ko'ina ba, sun zama kayan da babu mai tambaya, irin waɗannan kuwa ba sa daɗewa a magaza.

Wannan magana ta fi nauyi ga masu lissafi da matsakaicin farashi, abin da za ka gani a allo da sunan CMUP. A ce ranar da kayan suka dawo kuna da katan 50 a magaza, matsakaicinsu ya hau 8.600 saboda sabon sari, darajarsu 430.000. Ka ƙara bakwai a kan 8.000, ka sami katan 57 da darajar 486.000, matsakaici ya sauko kusan 8.526. Idan manhaja ta shigar da su a kan 8.600, ta ƙirƙiro muku ribar 4.200 da babu ita. Idan a kan 9.500 ta shigar, ta ƙirƙiro 10.500. Ƙidaya ba za ta taɓa kama wannan ba, domin yawan katan daidai yake, darajar ce ta kumbura. Ka gwada manhajarku sau ɗaya da kanka: rubuta darajar kayan kafin ka yi abuwar, ka sake dubawa bayan ka yi, ka raba bambancin da yawan katan ɗin da suka dawo. Lambar da ta fito ita ce farashin da take mayar da kaya da shi.

Ukun nan jiƙaƙƙu fa, ba su kai 8.000 ba yanzu. Idan mata masu wankau za su ɗauke su a 3.000 katan, darajarsu ta gaskiya 9.000 ce, asarar 15.000 ke nan, kuma a watan da aka gano ta ake rubuta ta, ba a jira sai an sayar. Ka lissafa ribar cinikin gaba ɗaya ka nuna wa kawu: da farko 60.000 ce a kan katan 40, da goma suka dawo ta koma 45.000, da aka cire asarar ruwa ta tsaya 30.000. Maigida da ya ga wannan lamba a takarda yakan aika a kira mai gyaran rufi a ranar.

Idan gidanku yana bin tsarin lissafin kamfanoni na SYSCOHADA, wanda gyararrensa ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2018, rubutun abuwar juyin rubutun ciniki ne. Asusun ciniki 701 ya ragu da 95.000, asusun TVA na sayarwa 4431 ya ragu da 18.050, asusun mai saye 411 ya ragu da 113.050. Kaya kuma su koma asusun kaya 31 ta hanyar asusun canjin darajar kaya 6031 da 80.000, idan kuna bin kaya yau da kullum. Idan sai ƙarshen shekara kuke ƙidaya ku rufe, wannan rubutu na biyu ba ya tasowa a ranar, amma katin kaya na magaza dole ya motsa duk da haka. Kada ka raina 18.050 ɗin nan. Harajin da kuka riga kuka bayyana ne a kan cinikin da aka warware, kuma da abuwar ne kawai za ku iya rage shi. Wanda ya mayar da kuɗi da baki ya biya haraji a kan kayan da ke jibge a magazarsa.

Inda kuɗi ke fita sau biyu

Da a ce mutumin Dakoro ya biya faktir ɗinsa duka tun farko, abuwar za ta mayar da asusunsa ya zama shi ke bin ku 113.050. Nan hanya biyu ce, kuma ɗaya ake zaɓa. Ko a bar masa kuɗin a asusu ya ci su a sari na gaba, ko a ciro a ba shi. Idan an ciro, mai kes ya yi takardar fitar kuɗi, lambar abuwar a kanta, mai karɓa ya sa hannu, kai kuma ka rubuta fitar a asusun mutumin don ya koma sifiri. Idan aika masa aka yi ta kamfanin aika kuɗi, rasit ɗin aikawa ya maƙale a jikin takardar, kuɗin aikawa kuma a rubuta su dabam, kada a cusa su cikin abuwar.

Abin da ke faruwa a irin gidanku shi ne a yi biyun. Mutum ya zo gaisuwa, ya yi maganar katan goma, kawu ya sa hannu a kes ya ƙirga masa. Kwana biyu bayan haka takardar magaza ta iso teburinka, ka yi abuwar, ka rage masa a bashi. An biya shi sau biyu, kuma babu wanda ya yi ƙarya. Alamarsa ita ce kes ya gaza da kuɗin da suka yi kama da wata abuwar, ko da an ɗan zagaye su, kamar giɓin 113.000 cif. Duk lokacin da ka ga giɓi a kes, kafin ka zargi kowa ka buɗe jerin abuwar na satin ka gwada.

Na san ba za ka iya ce wa kawunka kada ya taɓa kes ɗinsa ba, kuma ba na ba ka shawarar ka gwada. Abin da yake yiwuwa shi ne ka ajiye ƙaramin littafi mai lamba da kabon a cikin aljihun teburin, kan kuɗin, inda hannu ba zai kai ga kuɗi ba sai ya ɗaga shi. Ka roƙe shi abu ɗaya: suna da adadi, ko da ajami ne. Sauran kai za ka cike da yamma. Adadin kuma a rubuta shi da sefa kamar yadda yake a faktir. Ciniki da dala ake yin sa a baki, kuma mutum ya rubuta 2.000 yana nufin dala, wato jika goma, mai shigarwa ya ɗauka jika biyu ce, abu ne da ke faruwa.

Akwai kuma abuwar da kaya ba sa motsi a cikinta sam. Da mutumin Dakoro ya kira ya ce katan uku sun jiƙe amma zai riƙe su idan an rage masa 4.000 a kowane, to abuwar ta kuɗi ce zalla: 12.000 da TVA 2.280, jimla 14.280, babu takardar magaza domin babu abin da ya shigo. Haɗarin yana cikin kwamfuta. Idan ka rubuta layin da sunan sabulu da adadi 3, manhaja da yawa za su ƙara katan uku a magaza. Ina kyautata zaton wani ɓangare na bambancin da kake gani ƙarshen wata daga nan yake, musamman idan kwamfuta ce ke nuna fiye da abin da ke ƙasa. Irin wannan ragi a yi shi da layin da ba na kaya ba. Idan kuwa magaza ce ta fi kwamfuta, to kaya sun dawo an jera ba a kawo maka takarda ba, kuma akwai wani mai saye a wani gari da har yanzu littafinka ke bin sa kuɗin da ya riga ya sauke.

Musaya ita ma tana ruɗa mutane. Mutum ya maido sabulu ya ɗauki ashana da kuɗi kusan ɗaya, yara su ce ai babu abin rubutawa. Akwai: abuwar ta sabulu, sabuwar faktir ta ashana, bambancin ya zauna a asusunsa. In ba haka ba kuɗi za su yi daidai, amma kaya iri biyu sun karkace lokaci guda, ɗaya ya yi yawa ɗaya ya gaza.

Idan laifin na wanda kuka saro wa ne

Wani lokaci jiƙar ba daga rufinku take ba, haka kayan suka zo daga wurin dila. Sai ku zama ku ne masu maidowa, kuma duk abin da na faɗa ya juyo kanku. Katan su fita da takardar fita mai lamba, direba ya sa hannu. Amma kada ka rage bashin dila a asusu 401 don kawai kaya sun hau mota. Ka jira abuwar tasa, domin yana iya karɓar biyu ya ƙi ɗaya, ko ya yi lissafi da wani farashi. A tsakani, ka riƙe jerin kayan da suka fita suna jiran takarda, ka riƙa bibiya. Idan da naira kuka saro daga Kano ko Katsina, a rubuta tun ranar da aka yi maganar ko naira zai mayar ko sefa, kuma da wane canji. Kaya su fita daga katinku da darajar da suka shiga da ita, abin da canji ya ƙara ko ya rage ya tafi layin riba ko asarar canji, kada ya taɓa farashin sabulu.

Wannan tsari na kayan da ba sa saurin lalacewa ne, irin sabulu da ashana da kayan gwangwani. Magani da abin da ranarsa ta wuce suna da dokokinsu, kuma irinsu ba a mayar da su kan kanta don kawai katan bai yage ba. Haka nan idan za ku zubar da kaya gaba ɗaya maimakon sayarwa da araha, a yi takardar lalatawa da shaidu, kuma kwantabul ɗin da ke sa hannu a takardunku na haraji ya ga maganar kafin a zubar, domin ta shafi TVA da kuka cire lokacin sari.

Ƙarshen wata, kafin ka shiga ƙidaya, ka shimfiɗa littafin karɓar kaya na magaza kusa da jerin abuwar, ka bi su lamba bayan lamba. Kowace takardar karɓa ta sami abuwar tata, ko a ga rubutu a kanta cewa kawu ya ƙi kuma kayan sun koma wa mai su. Kowace abuwar ta kaya ta sami takardar karɓa. Lambar da ta yi tsalle a littafin a nemo ta, wadda aka ɓata a bar ta a jiki da kwafinta duka, a rubuta an soke. Ka kula sosai da kwanakin ƙarshe na wata: kayan da suka shigo ran 30 aka ƙirga su cikin ƙidaya, abuwar tasu kuma ba ta fita ba sai ran 2, suna sa watan ya nuna kaya a magaza da cinikinsu a littafi lokaci guda. Ko ka fitar da abuwar kafin ka rufe, ko ka bar su bayan layin fenti kada a ƙirga su. Daga nan ka aika wa manyan masu bashinku takardar asusunsu, ko hotonta ta waya, mai nuna faktir da biya da abuwar da abin da ya rage. Mutumin Dakoro ya ga 39.150, idan nasa lissafi ya bambanta ya faɗa tun cikin satin, direban da ya kawo kayan da yaron da ya karɓa duk suna kusa. Takardun kuma ka adana su a jere, dokar kasuwanci ta OHADA shekara 10 ta ce a riƙe takardun lissafi.